Telan da ya duba mini yadi ta hoto kafin in biya kuɗi

Ina aiki a Jidda, kuma duk wanda ya san zafin garin nan da danshin da ke tasowa daga teku ya san jallabiya mai roba azaba ce da rana. Gumi ba ya shiga cikinta, sai dai ya yi ta bin jiki. A watan Sha'aban na ga wani mai sayar da kaya a Makka yana tallar fararen jallabiyoyi a WhatsApp, iri uku, kowacce ya rubuta mata auduga zalla. Na taɓa saye haka aka kawo mini foliyesta, wadda mu muke kira roba, don haka wannan karon na ƙi gaggawa. Wani abokina ya haɗa ni da wani dattijo Bahaushe, tela ne a kusa da Balad, tsohuwar unguwar Jidda, wanda ke duba wa mutane hoton yadi a kan riyal goma. Abin da na gani a wurinsa shi zan faɗa.

Na tura masa hotuna ukun, na ƙara da nawa hasashen: ta farko tana sheƙi, saboda haka roba ce, sauran biyun auduga. Amsarsa ta zo da murya. Ya ce, "Ɗana, shadda fa? Akwai abin da ya kai ta sheƙi? Ai auduga ce, bugu da sarrafawa suka ba ta wannan hasken." Ya ce kada in tambayi ko yadi yana sheƙi, in duba irin sheƙin. Robar da aka saƙa da dogon zare mai santsi tana mayar da haske kamar leda, sai ka ga farin layi siriri mai kaifi a kan kowane ninki. Auduga, ko da an gyara ta tana ɗaukar ido, haskenta a baje yake, yana dusashewa a hankali zuwa inuwa. Sannan akwai robar da ake yanyanka zarenta gajeru a kaɗa shi kamar auduga, wadda ba ta sheƙi sam. Yawancin yadin jallabiya na Jafan, irin su toyobo, da irin wannan zaren ake yin su, shi ya sa suke ruɗar mutane.

Hotunan mai kaya kuwa ya ƙi yanke hukunci da su, domin an ɗauke su da filasha a ƙarƙashin fitilun shago, inda kowane farin yadi yake ƙyalli. Farin nan mai ɗan shuɗi-shuɗi ma ya ce ba shaida ba ne, sinadarin ƙara fari ne da ake sa wa auduga da roba duka. Ya sa na nemi sababbin hotuna uku a kan kowace riga: ɗaya a rataye kusa da taga ba filasha, ɗaya bayan an dunƙule gefen rigar a hannu an ƙirga goma an saki, ɗaya kuma daf da yadin, an ɗaga shi ta fuskar haske. Ya ce a turo su a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse hoto ya shafe zaren. Mai kayan ya ɗan yi ƙorafi, amma ya turo.

Hoton dunƙulewar nan shi ya fi komai amfani, kuma a kansa Baba tela ya fi daɗewa. Riga ta farko, mai sheƙin da na zarga, ta fito da ƙananan karaya masu kaifi ko'ina, sun sarƙe da juna kamar takardar da aka murje, kuma ba su tashi ba. Ya ce wannan halin auduga ne, in ta karye sai guga da ruwa. A hoton ratayen ma ƙasanta bai zuba santal ba, ya ɗan tsaya, ninkin yana da kusurwa, ga alamar inda aka naɗe ta a leda har yanzu tana nan. Ta biyu kuwa, wadda ba ta sheƙi ko kaɗan, kamar ba a taɓa ta ba. Zubinta a miƙe yake daga kafaɗa zuwa ƙasa, ninkinta zagaye, duk girmansu ɗaya. Ya kuma nuna mini ɗinkin gefenta ya ɗan tattare, abin da ya ce ya fi faruwa da roba mai matsattsiyar saƙa, ko da yake mugun saitin keke ma yana jawo haka, don haka bai dogara da shi kaɗai ba. Hukuncinsa a kanta: roba ce da aka kaɗa kamar auduga.

A kan saƙa ya gyara mini wani kuskure. Ni na ɗauka in ka ga zare ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, tsaye da kwance, to auduga ce. Ya ce wannan tsarin saƙa ne kawai, kowane zare ana iya saƙa shi haka. Abin dubawa shi ne zaren kansa. A ta farko, inda haske ya ratsa, ana ganin ɗan gashi-gashi a bakin ninki, kuma wani zaren ya ɗan fi wani kauri. Amma ta biyu ma tana da ɗan gashin, tunda kaɗaɗɗen zare ne. Wato hoton kusa yana iya tona robar mai santsi, ba ya raba auduga da kaɗaɗɗiyar roba.

Ta uku ce ta sa na ƙara yarda da shi. Ta yamutse, amma karayarta ba kaifi, kamar tana shirin warwarewa. Ya ce, "Wannan gauraye ne, amma ba zan ce maka nawa da nawa ba, kuma ba zan rantse cewa auduga ce aka haɗa ba, zai iya zama rayon, wato zaren da ake sarrafawa daga itace." Ya ce haɗin da aka fi yi shi ne roba kashi 65, auduga kashi 35, sai dai ba idon da zai bambanta shi da 80 da 20 a hoto. Ya kuma ja kunnena cewa akwai audugar da ake sa wa maganin hana yamutsewa, ita ma haka take fitowa.

Na sayi ta farko da ta uku. Da suka iso na kai masa shago, ya zare 'yan zaruruwa daga cikin kalmasa ya kunna musu ashana. Na farkon ya ci da sauri, da warin ƙonanniyar takarda, ya bar toka mai laushi da ta watse a yatsa. Na ukun ya yi baƙin hayaƙi, ya bar toka haɗe da wani ɗan dunƙule mai tauri. Biyun duk yadda ya faɗa. Ta biyu ban saya ba, saboda haka hukuncinsa a kanta ban gwada shi da wuta ba.

Inda ban ji daɗi ba shi ne jinkiri. Sai da ya kwana biyu kafin ya amsa, kuma duk bayaninsa na murya ne, ba ya zana alama a kan hoton, sai ka yi ta laluben wurin da yake nufi. Ga mai neman kayan Sallah a ƙurarren lokaci wannan matsala ce. Riyal goman dai ban yi da-na-sanin su ba. Audugar ita nake sawa da rana duk da wahalar guga, gaurayen kuma na ajiye ta don tafiya Makka, tunda tana jure zaman mota ba ta yamutse sosai ba.