CO₂ da CO₃²⁻: inda zanen ɗigo ya haɗu da inda ya rabu

"Assalamu alaikum malamai. Na iya zana ɗigon CO₂ ba matsala, amma in na zo kan CO₃²⁻ kullum sai oksijin ɗaya ya rage bai cika takwas ba. Ba kabon da oksijin ne duka ba? Ina nake kuskure?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari mu ajiye su kafaɗa da kafaɗa tun daga ƙirge, domin alamar da ka bayar ta nuna a nan ɓarakar take.

Ilektiron da ake zanawa a matsayin ɗigo su ne na bawon waje kaɗai, kuma abin da ake nema shi ne kowane atam ya samu takwas kewaye da shi. Kabon yana rukuni na 14 a jadawalin sinadarai, nasa 4 ne. Oksijin yana rukuni na 16, nasa 6. CO₂ molekul ne marar caji, don haka da ka haɗa na atam ɗinsa uku ka gama. CO₃²⁻ kuwa, wato kabonet, ayon ne mai caji, kuma 2− ɗin da ke kansa ilektiron biyu ne na gaske da ya karɓo daga waje, dole su shiga lissafi.

```
CO2    : 4 + (2 x 6)     = 16
CO3 2- : 4 + (3 x 6) + 2 = 24
```

Wanda ya manta da cajin zai tashi da 22, kuma da 22 zanen ba zai taɓa rufewa ba, duk yadda aka juya ɗigon. Caji mai alamar ragi ƙari ake yi masa, mai alamar tarawa kuma cirewa: NH₄⁺ shi ne 5 + 4 − 1 = 8. Ɗalibai da yawa suna juya wannan, saboda ido yana ganin alamar ragi sai hannu ya rage. Ka riƙe cewa shi kansa ilektiron cajinsa na ragi ne, yawansa shi ke jawo alamar.

Wajen zaɓen atam na tsakiya su biyun sun dace. Ana sa wanda ƙarfin jan ilektiron ɗinsa ya fi ƙasa a tsakiya, ban da haidurojin, wanda ɗauri ɗaya kawai yake iya yi, saboda haka kullum a gefe yake. A ma'aunin Pauling kabon 2.55 ne, oksijin 3.44, sai kabon ya zauna tsakiya, oksijin su kewaye shi. Kada ka jera su sarƙa kamar C–O–O–O. Haɗin oksijin da oksijin na 'yan ferokzayid ne irin H₂O₂, babu shi a kabonet.

Yanzu rabon ɗigo. Kowane layi tsakanin atam biyu ilektiron biyu ne. A CO₂ layi biyu sun ci 4, saura 12. Ka fara cika na gefe: kowane oksijin ya samu 6, wato tagwayen ɗigo uku, sha biyun sun ƙare. A CO₃²⁻ layi uku sun ci 6, saura 18, kowane oksijin ya samu 6, su ma sun ƙare cif. A nan ka tsaya ka dubi kabon. Na CO₂ yana da 4 kacal kewaye da shi, yana neman ƙarin 4. Na kabonet yana da 6, yana neman 2. Babu sauran ilektiron a hannu, kuma ba a ƙirƙiro sababbi. Abin da ake yi shi ne a ɗauko tagwayen ɗigo daga kan oksijin a mayar da su layi na biyu tsakaninsa da kabon. Oksijin bai yi asara ba, har yanzu yana ƙirga su cikin takwas ɗinsa, kabon kuma ya ƙaru. CO₂ yana buƙatar wannan sau biyu, sai a samu O=C=O, kowane oksijin da tagwayen ɗigo biyu. Kabonet sau ɗaya: C=O guda, C–O biyu. Oksijin mai ɗauri biyu yana da tagwaye biyu, sauran biyun uku-uku.

Akwai gwajin da muke so ɗalibi ya yi kafin ya sa biro a takarda. Ka ninka yawan atam da 8, ka cire ilektiron da kake da su, ka raba abin da ya rage biyu; amsar ita ce yawan layukan da zanen zai ɗauka. CO₂: 24 − 16 = 8, layi 4. CO₃²⁻: 32 − 24 = 8, layi 4. Ka ga duka biyun layi huɗu ne a jikin kabon; na farko ya raba su ga oksijin biyu, biyu-biyu, na biyu ya raba su ga uku, sai ɗaya kaɗai ya samu ninki. Gwada da 22 ɗin nan: 32 − 22 = 10, layi 5. Kabon ba ya ɗaukar layi biyar, domin 'yan jeri na biyu a jadawali ba sa wuce takwas. Da ka ga biyar ka san ƙirgen ya lalace tun farko. In akwai haidurojin, 2 ake sa masa maimakon 8. Gwajin yana da iyaka: ba ya aiki ga BF₃, inda boron ke zama da 6, ko SF₆, inda salfa ke da 12, ko NO mai ilektiron 11.

Sai cajin kowane atam a takarda, wanda ake kira fomal caji: ilektiron ɗinsa na asali, a cire ɗigon da ke kansa, a cire yawan layukansa. A O=C=O kabon 4 − 0 − 4 = 0, kowane oksijin 6 − 4 − 2 = 0. Wani zai zana O≡C–O, ya ga kowa ya cika takwas, ƙirge kuma 16 ne. Haka ne, amma oksijin ɗaya ya koma +1, ɗayan −1, ba gaira ba dalili, shi ya sa ake fifita zanen da ya bar kowa a sifili. A kabonet ba za a iya kawar da caji ba, kuma bai kamata a yi ƙoƙari ba. Oksijin mai layi ɗaya 6 − 6 − 1 = −1, su biyu ne, jimla −2, daidai da cajin ayon ɗin. In jimlarka ba ta zo daidai da cajin da aka ba ka ba, akwai ɗigon da ya ɓata. A ƙarshe ka sa zanen ayon cikin baka mai kusurwa, ka rubuta 2− a sama ta dama. CO₂ ba ya buƙatar wannan.

Bambancin da ya fi nauyi shi ne wane oksijin ne zai samu ɗauri biyu a kabonet. Babu wanda ya fi cancanta, saboda haka ake zana siffa uku, a sa kibiya mai kai biyu (↔) tsakaninsu, abin da ake kira rezonans. Wannan ba ya nufin ayon ɗin yana tsalle daga siffa zuwa siffa. Awo ya nuna ɗaurin ukun tsawonsu ɗaya, kimanin fikomita 129, tsakanin C–O zalla mai kusan 143 da C=O na CO₂ mai 116. Cajin −2 ma a bazu yake, kowane oksijin yana ɗauke da −2/3.

Don ka gwada hannunka, zana HCO₃⁻, wanda ke tare da kabonet a cikin kanwa. Ƙirgensa 1 + 4 + 18 + 1 = 24. Ko da yake H ne farko a rubuce, kabon ne a tsakiya, haidurojin kuma a jikin oksijin ɗaya yake maƙale, ba a jikin kabon ba. Siffar rezonans ɗinsa biyu ce, domin oksijin mai riƙe da H ya fita daga rabon ɗauri biyun.