Bidiyon koya wa ma'aikata rigakafin kaji: a fara da rubutu ko a fara da kyamara?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gonar kaji a hanyar Shika, kuma kullum sai an samu sabon yaro, sai an koma koyarwa daga farko. Ina son a yi min bidiyon yadda ake ba kaji rigakafin Gumboro a ruwan sha. Wani ya ce a zauna a rubuta komai tukuna, wani ya ce ɓata lokaci ne, a ɗauki tsohon ma'aikacina yana yi yana bayani. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Rubutu ya fi, amma ba rubutun da aka yi a ofis daga ka ba. Bari in jera miki su biyun a kan aikin naki, ki ga inda kowanne yake cin nasara da inda yake faɗuwa.

Ɗaukar gwani kai tsaye tana da araha da sauri, kuma abin da aka ɗauka shi ne ainihin abin da ake yi a gonarki, da bokitinku da mazubin ruwanku. Yaran za su ga fuskar da suka sani, su ji Hausar da suka saba. Matsalarta ita ce wanda ya shekara goma yana aiki hannunsa ya riga bakinsa. Zai tsoma 'yar kwalbar rigakafin cikin ruwa ya cire murfin robar a can ƙasa cikin daƙiƙa uku, yana ba da labarin wani abu daban, domin a wurinsa wannan ba abin faɗa ba ne. Alhali nan ne aikin yake. Kwalbar an tsotse iskar cikinta kafin a rufe, shi ya sa ake buɗe ta ƙarƙashin ruwa, don ruwa ya shiga ya narkar da garin nan take. Sabon yaro da ya kalli bidiyon zai buɗe a sama ya zazzage, yana ganin duk ɗaya ne.

Abu na biyu ya fi wannan girma. Rabin aikin rigakafin ruwa kyamara ba ta ganinsa. Ba ta ganin cewa an ɗauke wa kaji ruwa awa ɗaya zuwa biyu kafin a fara, don su ji ƙishi. Ba ta ganin cewa ruwan bokitin na rijiya ne ko na burtsatse, ba na famfo mai kilorin ba, domin ruwa duk kamarsa ɗaya a hoto, kuma kilorin yana kashe rigakafin, tunda ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Ba ta ganin cewa jiya an wanke mazuban da ruwa zalla, ba sabulu ba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan tsohon bai faɗa ba, sun ɓace. Sannan ga hayaniya: kaji dubu masu ƙishi sun hango bokiti, janareta na ruri, makirufon waya ba zai tsinci komai ba.

Rubutawa tukuna tana toshe waɗannan kafofin, domin takarda tana tilasta ki jera komai, kuma likitan dabbobinki zai iya karantawa ya gyara kafin a kashe ko sisi. Gyara a takarda biro ne kawai. Gyara bayan an ɗauka kuwa sai an jira rukunin kaji na gaba, don ba za ki sake ba su rigakafi saboda mai kyamara ya makara ba. Amma ita ma tana da ciwonta. Wanda ya rubuta daga littafi zai ce "a auna garin madara a sikeli", gonar kuma ba sikeli, da cokali ake yi. Zai rubuta dogayen jimloli masu daɗin karatu waɗanda baki ba ya iya furtawa cikin numfashi ɗaya. Yaran suna ganin abin da ke bidiyo ya saɓa da abin da ke gabansu, sun daina yarda da sauran.

Don haka ni ga yadda nake yi. A bar tsohon ya yi aikinsa ranar rigakafi ta gaskiya, a ɗauke shi da waya daga farko har ƙarshe, ba tsayarwa, ba gyara. Wannan ɗaukar ba ta nunawa ba ce, ta nazari ce. Daga baya a zauna da shi a inuwa a kalla tare, ana tsayarwa ana tambaya: "Baba, me ya sa ka jira a nan? In aka tsallake wannan me zai faru?" Amsoshinsa su ne kayan rubutun.

Kafin rubutun shirin kansa, a fasa aikin gida uku a takarda: matakin, abin lura a cikinsa, da dalili. Tsarin nan tsoho ne, ya fito daga shirin horar da ma'aikatan masana'antu da gwamnatin Amurka ta kafa a 1940, lokacin da yaƙi ya sa aka cika masana'antu da sababbin hannu. Matsalarsu irin taki ce. Mataki shi ne abin da ke ciyar da aikin gaba, kamar "haɗa madara da ruwa". Abin lura shi ne abin da zai ɓata aikin idan aka kuskure: madarar ta zama marar maiƙo, giram 2 a kowace lita, a bar ta kamar minti 20 kafin a sa rigakafi. Dalili kuwa, madarar tana kare rigakafin daga ragowar kilorin da makamantansa. A ce likitanki ya tsayar da lita 20 ga tsaki 1,000, madara giram 40 ke nan. A auna giram 40 ɗin sau ɗaya a sikeli, a ga cokali nawa ne da cokalin gonarku, a rubuta adadin cokalin. Yawan ruwa da ranar da za a yi rigakafin kuma ki bar wa likita da takardar da ta zo da maganin, ko na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ne ko na waje, domin suna canzawa da kwanakin kajin da zafin gari.

Daga nan sai rubutun shiri, shafi a raba biyu: hagu abin da ido zai gani, dama abin da kunne zai ji. Ga yadda matakin kwalbar zai fito:

Gani: hoto na kusa, hannaye biyu da kwalba a kan ƙaramin kwanon roba mai ruwan madara. An ɓare zoben alminiyam, murfin roba yana nan.
Ji: "Mataki na huɗu, buɗe kwalba. Cire zoben sama, ka bar murfin roba."

Gani: hannaye sun nutsa da kwalbar, babban yatsa ya ture murfin. Kyamara ba ta motsi.
Ji: "Nutsar da ita duka. Sai tana cikin ruwa za ka cire murfin." Shiru na daƙiƙa huɗu.

Gani: ana ɗauraye kwalbar a cikin ruwan, a ɗago ta a nuna cikinta fes.
Ji: "Ɗauraye ta har ba sauran gari. Abin da ya maƙale a kwalba, rabon wasu kajin ne."

Ki lura da shirun nan, da gangan aka rubuta shi. Babban kuskuren masu rubutu shi ne cika kowace daƙiƙa da magana, mai kallo ya rasa ko hannu zai bi ko murya. Mutum yana karanta kusan kalma biyu a daƙiƙa idan ba ya gaggawa, don haka hoton daƙiƙa goma bai ɗaukar fiye da kalma ashirin, kuma gara a tsaya a sha biyu. A karanta da ƙarfi ana duba agogon waya, duk inda harshe ya sarƙe a sake jimlar. A faɗi sunan matakin kafin hannu ya motsa, ba bayan ya gama ba. Umarni ɗaya a jimla ɗaya. Abu ɗaya kuma suna ɗaya: in an ce "mazubi" a farko, kada a koma "dirinka" a tsakiya, a ɗauki wanda yaranki suke faɗa a tsaya a kai.

Ɓangaren hagu ma yana da ƙa'idarsa. A rubuta cewa kyamara ta tsaya bayan kafaɗar mai aikin, yadda damarsa za ta zama damar mai kallo. Ɗaukar kai tsaye kusan kullum daga gaba ake yinta, sai mai koyo ya riƙa juya komai a kansa. Abubuwan da ba a gani kuwa, rubutu ne ke ƙirƙiro musu hoto: a nuna ana ɗage mazuban, a nuna fuskar agogo ƙarfe shida na safe, a sake nuna ta ƙarfe bakwai da rabi. A nuna guga yana fitowa daga rijiya. Idan ba a sa agogon ba, mai tacewa zai haɗe hotunan, bidiyon ya koyar da cewa ana ɗauke ruwa ana mayarwa nan take. Haka jiran madara, haka awa biyun da dole kaji su shanye ruwan rigakafin a cikinsu. Ni na fi son fuskar agogo da manyan lambobi a kan dogon rubutu a allo, don wani yaron ajami ya iya ba boko ba, wayar kuma ƙarama ce, WhatsApp ya riga ya matse hoton.

Wani amfanin rubutu da ba a cika tunawa ba: yana raba abin da dole a ɗauka ranar rigakafi da abin da za a iya ɗauka kowane lokaci. Kaji suna rububin sha da zagayen da ake yi ana tayar da na kwance, waɗannan sai ranar. Auna madara, ciro magani daga firij zuwa kula mai ƙanƙara, wanke bokitin roba, duk ana iya yinsu da rana tsaka a natse, a maimaita sau biyar. Ta haka mai kyamara bai riƙe maganin da aka riga aka haɗa yana cewa a sake ba. Shi ma sai ya taka ruwan maganin bakin ƙofa ya sa takalmin gona, musamman idan daga wata gonar ya fito. Murya kuma a ɗora ta daga baya a ɗaki marar hayaniya. In tsohon yana iya maimaita jimla bayan an karanta masa, muryarsa ta fi ta ɗan rediyo amfani a nan.

Batun tsawo, wani nazari na 2014 a kan bidiyoyin karatu na shafin koyarwa ta intanet mai suna edX ya nuna masu kallo suna raguwa sosai bayan minti shida. Ɗalibai ne ba ma'aikatan gona ba, amma ban ga yaron da ya fi su haƙuri ba. Ki raba naki uku: shirin jajibiri da na asuba, haɗa magani, sai rabawa da ƙona ko binne kwalabe da ragowar ruwa. Kowanne minti biyu zuwa uku, mai lamba a kan kowane mataki.

Akwai inda kai tsaye ta wadatar, kamar nuna yadda ake harhaɗa mazubi ko kwashe ƙwai a kiret, inda komai a fili yake kuma kuskure yana bayyana nan take. Rigakafi ba haka yake ba, in an kuskure ba mai sani sai ciwo ya shigo bayan makonni.

Kafin ki biya mai kyamara, ki gwada rubutun a kan yaron da bai taɓa yi ba. A ba shi bokiti, ruwa, madara da tsohuwar kwalba da aka wanke, wani ya karanta ɓangaren dama kawai, ba ƙari ba nuni da hannu. Duk inda ya tsaya yana kallonku, ko ya yi abin da ba shi ake nufi ba, a sa alama a gyara layin, a sake gwadawa da wani yaron daban.