Furfurar da ba ta jin rini: abin da za a duba kafin a sayi wani kwalin

Wanda ya taɓa rina gashi ya san wannan takaicin. An shafa rini, an jira, an wanke, kai ya yi baƙi wuluk, amma gefen kunne da bakin goshi ga furfura nan tana ƙyalli kamar ba a taɓa ta ba. Ko kuma ta ɗan kama, bayan wanki biyu ta dawo ruwan toka. Abin da yawancin mutane suke yi shi ne su ɗora wa rinin laifi su je su sayo mafi duhu, alhali sau da yawa rinin bai ma samu ya shiga cikin gashin ba.

Kowane silin gashi yana da ɓawo a bayansa, jere wani kan wani kamar na jikin kifi, kuma launi a can ciki yake zama. Furfura gashi ne da ya daina samun melanin, sinadarin da ke ba shi launi, don haka cikinsa fayau yake, babu wani tsohon launi da sabo zai jingina da shi. A wasu mutanen kuma ɓawon furfurar a manne yake gam. Irin wannan ake gane ta da ido da hannu: tana da santsi da ƙyalli, tana tsayawa ƙyam kamar siririyar waya, in aka ɗiga mata ruwa sai ya gangare. Rini ma haka yake yi a kanta.

Rinin da ake sayarwa a kanti ba duka aiki ɗaya yake yi ba. Wanda ake kira semi ba a haɗa shi da komai, bayan gashi kawai yake lulluɓewa, wanki kaɗan ya tafi. A kan furfura mai taurin kai asarar kuɗi ne. Demi ana haɗa shi da ruwan haɗi mai rauni, wato ruwan da ake gauraya rini da shi kafin a shafa, yana dusashe farin har ya saje da sauran gashin, kuma ya wadatar ga wanda furfurarsa tsilli-tsilli ce mai laushi. Garin lalle shi kaɗai jan lemo yake mayar da farin gashi, sai an bi shi da baba a zagaye na biyu kafin a samu duhu, aikin awoyi ne. Wanda ke rufe furfura ruf shi ne famanent, domin yana ɗauke da amoniya ko makamancinta da ke kumbura gashi ta ɗaga ɓawon, sannan faroksaid na cikin ruwan haɗi ya sa launin ya ƙullu a ciki inda wanki ba ya fitar da shi.

Ko a cikin famanent ɗin akwai abin dubawa a jikin kwali. Lambar farko duhu take nunawa, daga 1 baƙi ƙirin zuwa 10 mai haske sosai. Harafi ko lambar da ke biye ita ce ta fi muhimmanci ga mai furfura. N ko .0 na nufin launin asali, wanda aka haɗa domin ya cike gurbin abin da gashin ya rasa, NN ko .00 kuma an ƙara masa yawan launi musamman saboda furfura mai wuya. In aka shafa ja ko ruwan zinare zalla a kan fari, sai ya fito da haske fiye da na hoton kwali, wani lokaci har ya koma ruwan hoda. Mai son irin wannan launi, in furfura ta kai rabin kansa, ya haɗa shi rabi da rabi da N mai lamba ɗaya.

Sai ruwan haɗi. 10 vol faroksaid kashi 3 cikin ɗari ne, 20 vol kashi 6, 30 vol kashi 9. Na 20 shi ne na rufe furfura. Na ga masu tsallakawa zuwa 30 da tunanin ƙarfi zai ci taurin kai, sai sakamakon ya zama akasin haka: baƙin gashin da ke kusa ya yi ja, furfurar kuma ta fito da launi shara-shara.

To in an sayi famanent mai N, an haɗa da 20 vol, an cika lokaci, gefen kai ya ƙi fa? Nan ne tausasa gashi kafin rini yake shigowa, kuma abin da yake buƙata ƙaramar kwalbar 20 vol ce ta daban da burushi. Wannan ma dalili ne na fifita rinin da ake sayar da bututunsa daban da ruwan haɗinsa daban, domin na kwali an auna ruwan daidai da rinin, babu rara.

A ce mace ce mai gashi ruwan ƙasa mai duhu, tana amfani da 4N, furfurar da ke ba ta wahala kuma faɗin yatsu biyu ce a gefen kunnuwa da bakin goshi. Kwana ɗaya kafin aikin za ta wanke kai da shamfu ta cire mai da duk abin da ta saba shafawa, ba tare da ta kankare fatar kai da farce ba. Wani lokaci wannan kaɗai ma yana magance matsalar, don maiƙo shi ne ya toshe hanya. Ranar rini, gashi a bushe, ta sa safar hannu, ta zuba kamar cokali ɗaya na 20 vol zalla a roba, ta shafa a kan tushen furfurar wuraren nan kaɗai, siriri, ba har ya riƙa ɗiga ba. Ta jira minti 5 zuwa 10. Daga nan ta dangwale shi da tawul ko takarda har danshin ya tafi, ba ta wanke ba. Wannan matakin ne ake yawan ɓatawa: in aka bar wurin jiƙe, ruwan da ya rage zai tsinka rinin, a koma gidan jiya. Sai ta haɗa rininta bisa awon da ke jikin takardarsa, ta fara da wuraren da ta tausasa, ta cika su sosai har silin gashi ya nutse, sannan ta bi sauran kai. Lokaci daga shafawar ƙarshe ake ƙirga shi, kuma a kai shi iyakar abin da takardar ta yarda, wanda a rini da yawa minti 45 ne ga furfura mai wuya. Kafin ta wanke, ta goge ɗan wuri a gefen kunne ta duba a haske. In silin ya yi launi ɗaya da maƙwabtansa, ya kama.

Abin da faroksaid ɗin ya yi shi ne ya ɗan sassauta ɓawon, ya rage masa santsi, ta yadda rini zai tarar da ƙofa a buɗe. Wannan ɗan lahani ne aka yi wa gashin da gangan, shi ya sa ba a yin sa a kai gaba ɗaya, ba a kuma maimaita shi a kan tsawon gashin da aka riga aka rina. Gashi yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, wannan sabon tsiron kaɗai ake taɓawa duk mako huɗu zuwa shida.

Akwai waɗanda bai kamata su yi shi ba sam. Gashin da aka sa wa rilaksa ko aka taɓa kore masa launi ɓawonsa a buɗe yake tuni. Nasa ciwon daban ne: yana shan rini da sauri, yana zubar da shi da sauri, ƙarin faroksaid kuma karyewa zai jawo. Irinsa demi ya fi dacewa da shi, famanent kuwa sai an bar aƙalla mako biyu bayan rilaksa. Haka wanda ya yi amfani da rinin nan mai duhunta gashi sannu a hankali, ko lallen da ba a san abin da aka cakuɗa masa ba, domin wasunsu na ɗauke da gishirin ƙarfe da ke faɗa da faroksaid har gashi ya yi zafi ya gutsure. A fara gwadawa a kan ɗan gashin da aka tsinto daga mataji.

Gwajin fata kuma ba a tsallake shi ko da an saba da rinin. Yawancin famanent masu duhu suna ɗauke da sinadarin launi da ake kira PPD ko danginsa, kuma jiki na iya fara ƙin sa bayan shekaru ana amfani da shi lafiya. A shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko lanƙwasar hannu yadda takardar ta nuna, a jira awa 48. In wurin ya yi ƙaiƙayi, ja ko kumburi, wannan rinin bai hau kai ba ke nan.