Sharhi a kan NAT Gateway: iyakar haɗi 55,000 da yadda muka isa gare ta

Na daɗe ina amfani da NAT Gateway na AWS, sabis ɗin hayar sabobi na Amazon, a aikin wani kamfani mai sayar da data da katin waya. Ra'ayina a kansa shi ne, kayan aiki ne mai kyau, ba ya buƙatar reno, amma yana da iyaka guda wadda duk mai ajiye sabobinsa a keɓaɓɓen sabnet ya kamata ya san lissafinta tun kafin ciniki ya yi yawa.

Aikinsa dai sananne ne. Sabobin da ke keɓaɓɓen sabnet ba su da adireshin IP na fili, don haka duk wadda za ta fita intanet sai ta bi ta cikinsa. Shi kuma sai ya cire adireshinta ya sa nasa, ya ba haɗin lambar fot ɗaya daga tsakanin 1024 zuwa 65535, domin idan amsa ta dawo ya gane ta wace ce. A nan iyakar take: adireshi ɗaya na NAT Gateway yana ɗaukar haɗi 55,000 a lokaci guda zuwa wuri ɗaya. Wuri ɗaya kuwa na nufin adireshin IP ɗaya, fot ɗaya, da nau'in haɗi ɗaya, wato TCP ko UDP. Idan zirga-zirgarka ta bazu a wurare da yawa, da wuya ka taɓa jin labarin wannan iyaka. Wanda take kamawa shi ne wanda dukan sabobinsa ke ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya.

Mu kuwa haka muke. Sabobi 20 ne, kuma kowane ciniki sai ya kira wani kamfanin biyan kuɗi da ke da adireshi guda a fot 443. Da wata ya ƙare aka yi albashi, sai kiran ya fara tsayawa har wa'adinsa ya cika ba amsa. Abin da ya rikita mutane shi ne komai na gefe lafiya lau: saba ɗin da ta kasa kaiwa ga kamfanin biyan kuɗin tana buɗe sauran shafuka nan take. Ba wanda ya taɓa teburin hanyoyi ko ƙa'idojin tsaro, kuma da su ne suka lalace, da kiran ya mutu gaba ɗaya, ba wani ya wuce wani ya maƙale ba. Idan aka sake tayar da sabobin sai komai ya daidaita na kusan minti tara, sannan a koma gidan jiya. Wannan alamar ita ce ta fi komai faɗin gaskiya, domin tana nuna akwai wani abu da ke cika a hankali.

Tabbacin yana cikin CloudWatch, tsarin sa ido na AWS. Akwai ma'auni mai suna `ErrorPortAllocation`, wanda ke ƙirga sau nawa NAT Gateway ya nemi fot ya rasa. A lafiyayyen yanayi sifili ne, namu kuwa yana tashi daidai lokacin da kiran ke faɗuwa. A gefensa `ActiveConnectionCount` yana hawa har ya daidaita a sama. Daga nan muka shiga saba ɗaya muka ƙirga haɗin da ke buɗe zuwa fot 443:

```
ss -tn state established '( dport = :443 )' | wc -l
```

Ya ba mu kusan 2,750. Ga saba ɗaya wannan ba komai ba ne, tunda Linux yana da fot sama da 28,000 na fita, shi ya sa kowace saba ta zama kamar lafiyarta ƙalau. Amma 2,750 sau 20 shi ne 55,000 cif.

Tushen abin yana cikin manhajar, wadda aka rubuta da harshen Go. Kowane ciniki yana ƙirƙirar sabon `http.Transport` nasa, ya yi kira ɗaya, ya tafi ya bar haɗin a buɗe yana jiran kira na biyu da ba zai zo ba. NAT Gateway yana share haɗin da ya yi daƙiƙa 350 ba motsi, amma Go yana aika ɗan saƙon raya haɗi duk daƙiƙa 15, saboda haka a idon NAT Gateway haɗin bai taɓa yin shiru ba. Ɓangaren kamfanin biyan kuɗin ne kawai ke rufewa, shi ma sai bayan kamar minti goma. Yanzu a yi lissafi. A ranakun da aka saba, ciniki 30 a daƙiƙa sau daƙiƙa 600 ya ba da haɗi 18,000, ƙasa da iyaka sosai. A ƙarshen wata ciniki ya kai 100 a daƙiƙa, wato ana buƙatar 60,000, kuma za a cinye 55,000 cikin daƙiƙa 550. Ga minti taran nan.

A ranar, abin da ya fitar da mu shi ne ƙarin adireshi, kuma a nan na yaba wa kayan. Tun 2023 ana iya ɗora adireshi har 8 a kan NAT Gateway ɗaya, kowanne da nasa 55,000, ba tare da an kashe komai ba:

```
aws ec2 associate-nat-gateway-address \
  --nat-gateway-id nat-xxxx --allocation-ids eipalloc-xxxx
```

Sai dai a kula da abu biyu. Da farko adireshi 2 kawai aka yarje wa NAT Gateway na fili, fiye da haka sai an nemi ƙarin kaso daga AWS, kuma ba ranar da ake cikin tashin hankali ya kamata a fara nema ba. Na biyun ya fi cizo: kamfanonin biyan kuɗi da yawa ba sa karɓar kira sai daga adireshin da aka yi wa rajista a wurinsu. Idan ka ƙara adireshi ba ka sanar da su ba, duk kiran da ya fita ta sabon za a mayar da shi, ka magance wata cuta ka jawo wata.

Maganin gaskiya ya zo ne da aka gyara manhajar: `http.Client` ɗaya ga dukan kiraye-kiraye, aka ɗaga `MaxIdleConnsPerHost` daga 2 da yake a asali, aka sa `IdleConnTimeout` a daƙiƙa 90. Haɗin kowace saba ya sauko daga dubbai zuwa 'yan gomomi, kiran ma ya ƙara sauri tunda ba a sake gaisuwar TLS kowane lokaci. Rufe haɗi bayan kowane kira ba koyaushe yake isa shi kaɗai ba, domin fot ba ya komawa hannu nan take. Da sabon haɗi kusan 900 a daƙiƙa zuwa wuri ɗaya za a sake cika iyakar.

Batun kuɗi kuwa, ana biya kashi biyu, na awa da na kowace gigabait da ta ratsa; a yankin `us-east-1` dala 0.045 ne kowanne. Shi ya sa ban ga dalilin barin zirga-zirgar S3 da DynamoDB, ma'ajiyun bayanai na AWS, ta bi ta cikinsa ba, alhali akwai `gateway endpoint` na kyauta da ke ɗauke ta, ya rage kuɗi ya rage cunkoso.

Zan ci gaba da amfani da shi, kuma na fifita shi a kan ajiye sabar NAT da mutum zai riƙa kula da ita da kansa. Sharaɗina shi ne ɗaya a kowane yankin samuwa, wato Availability Zone, sannan ranar da aka kafa shi a kafa ƙararrawa a kan `ErrorPortAllocation` wadda za ta kaɗa da zarar ya wuce sifili, domin AWS ba ya kafa ta da kansa.