Sharhi kan Zotero: ajiye kwafin ɗakin karatu kafin gyaran bai-ɗaya

Na daɗe ina tara madogaran bincikena a manhajar Zotero, yanzu sun kusa dubu takwas, yawancinsu da takardun PDF a maƙale. Wajen tattarawa da tsara manazarta ina yaba masa ƙwarai. Amma ga wanda zai taɓa ɗaruruwan bayanai a tashi ɗaya, kariyar da manhajar ke bayarwa da kanta ba ta isa ba, sai mutum ya haɗa da tasa dabarar.

Aikin da na yi kwanan nan shi ne daidaita sunan mawallafa. Kamfani ɗaya ya shigo mini da sunaye uku: wani wuri NNPC, wani Northern Nigerian Publishing Company, wani kuma a gajarce rabi da rabi, garin ma wani lokaci Zaria, wani lokaci Zariya. Irin wannan ana yin sa ne ta rubuta umarni a Run JavaScript da ke ƙarƙashin Tools, a Developer. Da zarar ka danna Run, ya shiga ke nan, babu maɓallin da zai mayar da bayanan yadda suke. Haka ma goge alamar rarrabewa daga ɗakin karatun gaba ɗaya.

Mutane da yawa suna ɗauka Sync shi ne ajiyarsu. Aikinsa shi ne ya sa abin da ke kwamfutarka da na intanet su zama iri ɗaya, don haka idan ka ɓata bayanai ɗari biyar, cikin ɗan lokaci ɓarnar ta hau can, ta kuma sauka a sauran na'urorinka. Akwai kuma kwafin da Zotero ke yi da kansa, wato `zotero.sqlite.bak` da `zotero.sqlite.1.bak`. Suna da amfani, sai dai guda biyu ne kawai a asali, ana sabunta su kusan kullum. Kuskuren sunan mawallafi kuwa ba a ganinsa a ranar, sai bayan mako biyu idan ka fitar da manazartar wani babi, lokacin kwafin mai kyau ya riga ya tafi.

Ga abin da ya yi mini aiki. Komai yana cikin jaka ɗaya, wadda za ka samu ta Settings, Advanced, sannan Show Data Directory. A ciki akwai `zotero.sqlite`, inda bayanai da alamomi da rubutun gefe suke, da jakar `storage` mai ɗauke da takardun. Sai na rufe Zotero tukuna, domin kwafin da aka ɗauka manhajar na rubutu yana iya fitowa a lalace. Daga nan na kwashe jakar duka zuwa wani faifai na waje, da kwanan wata a sunanta:

```
robocopy "%USERPROFILE%\Zotero" "E:\Zotero-2025-03-14" /E
```

Wannan yana cin lokaci, don haka ba kullum nake yinsa ba. Idan gyaran rubutu ne kawai, kamar na mawallafan nan, `zotero.sqlite` kaɗai nake kwafa, in sa masa suna mai faɗin abin da zan yi, ga shi ƙarami ne in an gwada da takardun. Amma idan zan haɗe bayanan da suka maimaitu ko in sauya sunayen takardu, sai jakar duka, tunda aikin na iya shafar `storage`. Kuma gyara ɗaya, kwafi ɗaya. In ka haɗa gyara uku a kan kwafi guda, komawa baya zai kwashe har masu kyaun.

Mayar da kwafin ne ya fi buƙatar natsuwa, a nan kuma nake ganin ya kamata manhajar ta sauƙaƙa. Ka rufe Zotero, ka kawar da `zotero.sqlite` na yanzu gefe ba tare da gogewa ba, ka sa tsohon a gurbinsa da ainihin sunan, sannan ka katse intanet kafin ka buɗe. In ba haka ba, Sync zai sauko da ɓarnar ya ɗora a kan abin da ka ceto. Bayan ka duba adadin bayanai da wasu 'yan samfura, sai ka kashe Sync automatically, ka dawo da intanet, ka shiga Reset da ke sashen Sync, ka zaɓi Replace Online Library.

Fitar da ɗakin karatu a matsayin fayil na manazarta irin BibTeX ko RIS ba ya maye gurbin wannan. Idan ka sake shigo da su, Zotero zai ɗauke su sababbi, alaƙarsu da madogaran da ka riga ka sa a kundinka na Word ta yanke. Kada kuma a ɗora jakar da ake aiki da ita a cikin Dropbox ko Google Drive, masu manhajar da kansu sun yi gargaɗi cewa hakan yana lalata `zotero.sqlite`. Kwafin da aka ɗauka bayan rufe manhajar ne ya dace a kai can.