Kulle fasawod da yi masa hash ba abu ɗaya ba ne

"Dan Allah me ya sa in na manta fasawod ɗina ba sa turo min tsohon, sai dai su ce in sa sabo? Wani ya ce min wai hash suke ajiyewa, to me ye bambancinsa da kulle bayanai da makulli?"

Malam ai su ma ba su san shi ba, in dai masu shafin sun san aikinsu. Hash lissafi ne da ake zuba masa rubutu ko wane tsawo ya fito da jerin haruffa da lambobi mai tsawo ɗaya kullum. Mai Linux ya gwada wannan:

```
echo -n "123456" | md5sum
e10adc3949ba59abbe56e057f20f883e  -
```

Ko sau dubu ka maimaita wannan amsar za ka samu, amma ka canza lamba ɗaya tak gaba ɗaya jerin zai birkice. Kuma babu wani lissafi da zai juya maka shi baya, kamar kayan miya ne da suka shiga injin markaɗe, ba mai dawo maka da tumatirinka. To ranar da ka yi rajista shafin zai yi wa fasawod ɗinka hash ya adana shi ya watsar da na asalin, duk sanda ka zo shiga sai ya sake yi wa abin da ka rubuta hash ya gwada da na ajiye, in sun yi daidai ya buɗe maka, shi ke nan.

Shi kuwa kullewa, wato inkirifshin, an yi shi ne dan a buɗe. Akwai makulli, mai makulli zai dawo da rubutun yadda yake. Ya dace da saƙon WhatsApp ko fayil da za ka so ka sake karantawa, amma shafi ba shi da buƙatar karanta fasawod ɗinka, tabbatarwa kawai yake so. Kuma makullin nan dole ya zauna kusa da sabar tunda kullum ana aiki da shi, ɓarawon da ya kwashi rumbun bayanai in ya haɗa da makulli ya gama da kowa lokaci guda. Kamfanin Adobe kullewa suka yi, da aka kwashe musu bayanai a 2013 sai aka ga duk masu fasawod iri ɗaya kullensu iri ɗaya ne, ga kuma ƴan kalmomin tuni da mutane suka rubuta a fili, mutane suka dinga cinkar fasawod ko makullin ba su gani ba. Na shafin RockYou ma ba a magana, a 2009 fasawod kusan miliyan 32 aka kwasa tsirara ba hash ba kulle.

Sai dai fa kar ka ɗauka hash ya gama magana. Ɓarawo ba ya juya shi baya, cinka yake yi. Zai ɗauko jerin fasawod da mutane suka saba sawa ya yi wa kowanne hash ya duba ko ya dace da abin da ya sato. Wancan e10adc da ke sama duk mai wannan harkar yana ganinsa ya san 123456 ne. Abin da ya samu LinkedIn ke nan a 2012, hash miliyan 6.5 suka fita na nau'in da ake kira SHA-1 babu gishiri, cikin ƴan kwanaki aka fasa da yawansu, a 2016 kuma ta bayyana cewa abin ya haura miliyan 100.

Gishirin shi ne wasu haruffa na kai-tsaye da ake ƙirƙira wa kowane mutum nasa daban, a haɗa da fasawod kafin a yi hash. Ba sirri ba ne, gefen hash ɗin ake ajiye shi. Amfaninsa ni da kai ko mun sa fasawod ɗaya hash ɗinmu zai bambanta, dole ɓarawo ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, teburin da ya riga ya lissafa ya tashi a banza.

Sannan ga maganar sauri. Nau'ikan hash irin su MD5 da muka gwada a sama da SHA-1 har da SHA-256 dan sauri aka yi su, katin girafik mai kyau yana gwada MD5 biliyoyi a sakan ɗaya, to nan saurin illa ne. Shi ya sa ake amfani da bcrypt na 1999 ko Argon2 da ya ci gasar zaɓen hash na fasawod a 2015, da gangan aka sa su nawa. A bcrypt akwai lambar da in ka ƙara mata ɗaya aikin ya ninka biyu. Kai da za ka shiga sau ɗaya ba za ka ma lura da jinkirin ba, mai gwada biliyan kuwa ya shiga uku. Duk da haka mai 123456 ko bcrypt ba zai cece shi ba, dan shi ake fara gwadawa.

In ka danna "Forgot password" shafi ya turo maka tsohon fasawod ɗinka a imel, to ko dai a fili suke ajiye shi ko kulle shi suka yi, ni dai irin wannan shafin ba na sa masa fasawod ɗin da nake amfani da shi a wani wuri.