Ido, histogiram ko Curves: wanne zan bi wajen auna hasken fuska?

"'Yan'uwa masu gyaran hoto, ina neman shawara. Sai in gyara fuska a kwamfuta in ga ta yi daidai, amma da na tura waya ko aka wanke hoton sai ta fito da duhu. Wani ya ce in riƙa duba histogiram, wani kuma ya ce Curves. Wanne ya fi?"

Ɗan'uwa, ba aiki ɗaya suke yi ba, shi ya sa kowane daga cikin masu ba ka shawara yana da gaskiyarsa. Bari in jera maka su a kan hoto guda: mutum mai duhun fata, sanye da farar riga, a gaban bango mai haske.

Mu fara da ido, tunda shi ka dogara da shi. Ido ba ya auna haske a kan kansa, yana gwada abu ne da abin da ke kewaye da shi. Fuskar nan a gaban farin bango za ka gan ta ta fi duhu, ka mayar da bangon baƙi ka gan ta ta yi haske, alhali ko fiksel ɗaya ba ka taɓa a jikinta ba. Ga kuma sabo: in ka daɗe kana kallon hoto, idon yakan yarda da shi ko da ya karkace. Babbar matsalar dai ita ce allon. Allon da aka saita domin aikin wanki yawanci ana ajiye haskensa ne tsakanin 80 da 120 cd/m², kwamfutoci da yawa kuwa sun ninka haka in an ƙure musu haske. Allo mai tsananin haske yana nuna maka fuska mai duhu kamar ta wadatu, ita kuwa takarda ba ta da fitila a bayanta. Ina kyautata zaton nan taka matsalar take.

Histogiram shi ba ruwansa da hasken allonka. Ƙidaya ce kawai. Daga hagu zuwa dama akwai matakai daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat, tsayin tudun kuma yana nuna yawan fiksel ɗin da ke kowane mataki. Sai dai yana faɗin nawa ne, ba ya faɗin a ina suke. A hoton namu za ka ga babban tudu a dama, wato riga da bango, da wani ɗan ƙaramin tsiro can hagu wanda shi ne fuskar haɗe da gashi. Wanda ya kalli wannan zai ce hoton ya cika haske, ya rage shi, ya ƙara dulmiyar da fuskar da dama can take fama. Don haka histogiram na hoto gaba ɗaya bai isa ya yanke hukunci a kan fuska ba. A Photoshop, zagaye fatar fuskar kaɗai da Lasso, ka bar gashi da idanu a waje, sai ka ga Histogram ya koma nuna abin da ka zagaye kawai. A nan ne za ka ga inda fatar ta faro da inda ta tsaya.

Curves kuwa shi ne mai nuna maka wuri. Cire zagayen Lasso ɗin da Ctrl+D, ka buɗe Curves da Ctrl+M, ka danna kan kumatu ba tare da ka saki ba, wani ɗan da'ira zai bayyana a kan layin daidai matakin da wurin yake. Ka riƙe Ctrl ka danna, sai ya dasa maka ɗigo a nan. Input shi ne hasken wurin a yanzu, Output kuma inda kake so ka kai shi. Kafin duk wannan ka shiga Eyedropper ka sauya Sample Size daga Point Sample zuwa 11 by 11 Average, domin fiksel ɗaya tak yana iya faɗawa kan ramin gashi ko ɗigon gumi ya ba ka lamba ta ƙarya.

A ce ka auna wurare uku ka duba Info. Kumatun da haske ya faɗa wa ya ba ka R 92, G 62, B 48, haskensa kenan wajen 70. Gefen inuwa wajen 30. Ƙyallin goshi wajen 150. Rigar tana 240. Tsaka-tsakin toka a sRGB yana kusa da 118, kuma kuskuren da nake yawan gani shi ne a ja fuskar nan har can domin wai tudunta ya zo tsakiya. Kada ka yi haka. Duhun fata ba laifin ɗauka ba ne da za a gyara, in ka kai kumatun nan 118 ka sauya wa mutumin kamanni, fatar ta yi fari-fari kamar an shafa mata hoda. Abin damuwa a lambobin nan shi ne gefen inuwa, domin abin da ya yi ƙasa sosai yakan cushe a takarda, hanci da kunci su haɗe ba a rarrabe su. Sai ka ɗaga ɗigon kumatu daga Input 70 zuwa Output 88. Inuwar za ta biyo shi ta hau zuwa wajen 40, ita ma rigar za ta matsa sama. Ka dasa ɗigo na biyu kusa da 200 ka mayar da Output ɗinsa kusa da inda yake domin ya riƙe rigar, amma ka lura kada layin da ke tsakanin ɗigon biyu ya kwanta sosai. Duk inda layi ya kwanta, bambancin haske da inuwa ya mutu, kuma ƙyallin goshi da karan hanci shi ke fito da siffar fuska mai duhu. In ka ga ya fara kwanciya, gara ka yi gyaran a Adjustment Layer ka shafa shi a kan fuskar kaɗai.

Daga nan sai ka koma wa histogiram, domin a wannan gaɓar ya fi Curves amfani: shi ke nuna ko wani abu ya ƙone. Tudu ya manne da bangon dama, an yi asarar bayani kenan. Ka tabbata ka duba Red shi kaɗai. A fata ja ne ke kan gaba, kore na biye, shuɗi a ƙarshe, amma lissafin Luminosity kore yake bai wa kaso mafi tsoka, kusan 59 cikin 100, ja 30, shuɗi 11. Saboda haka goshin mai hasken fata yana iya zama R 255, G 200, B 170, jan ya riga ya ƙure, Luminosity kuwa ya nuna wajen 213 kamar lafiya lau. A hoto za ka gan shi tabo ne sumul mai ruwan lemo, babu ƙwayar fata a ciki. A Lightroom harafin J yana nuna wuraren da suka ƙure, sai dai lambobinsa daga 0 zuwa 100 suke, kada ka gwama su da na Photoshop.

In ka ga launin fatar ya motsa bayan ka lanƙwasa layin, yi Curves ɗin a Adjustment Layer ka sauya Blend Mode ɗinsa daga Normal zuwa Luminosity, sai hasken kaɗai ya canza.

Aikin da ya rage wa ido shi ne wanda lamba ba ta iya yi, wato sanin ko mutumin ya yi kama da kansa. Babu wata lamba guda da ta dace da kowace fata. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka ɗauko hoton da aka taɓa wanke maka ya fito yadda kake so, na mai irin wannan fatar, ka auna kumatu da inuwa da goshi a fayil ɗinsa ka rubuta. Ka rage hasken allonka har farinsa ya yi kusa da farar takardar da ka riƙe a gefensa, sannan ka gwada sabon hoton da waɗancan lambobi uku kafin ka tura wanki.